A faɗa wa Alhaji cewa kamfanin saƙo ne ya riƙe aikin?

Ɗan Auyo: Salam. Manhajar rajistar manoman shinkafa da muka yi alkawarin miƙa wa wata ƙungiya ranar Litinin ba za ta fita ba. Ayyuka biyu sun maƙale a wurin kamfanin da ke tura mana saƙonnin waya: lambar shiga da ake tura wa manomi, da saƙon shaidar biyan kuɗin taki. Abokin aikina ya ce kada in ambaci kamfanin a imel ɗin da zan tura wa shugabansu Alhaji, wai uzuri ne. Haka ne?

'Yar Gumel: Ina bayansa. Alhaji da kai ya yi ciniki, bai san wani kamfani ba. Ka ba shi haƙuri, ka sa sabuwar rana.

Injiniya: Ƙanwata, rabin zancenki gaskiya ne, nauyin na kansa ne. To amma wace rana zai sa, alhali makullin ba ya hannunsa? Ƙanena, a ina daidai abin ya tsaya?

Ɗan Auyo: Ba su amince da sunan da zai fito a kan saƙon ba tukuna, Yaya. Kuma layukan da ke da DND, wato tsarin toshe saƙonnin talla, saƙo ba ya shigarsu.

Injiniya: Kafin ka rubuta komai, ka tabbatar su ne suka riƙe ka. Sunan nan ba ya wuce harafi 11, kuma galibi sai an haɗa da takardar CAC da samfurin saƙon. Duba akwatinka da kyau. In sun nemi wata takarda ba a tura ba, to jinkirin daga gida ne. Sannan ka tura `STATUS` zuwa `2442` a layuka biyu, ka samu mai DND da marar shi, ka gwada saƙo a kowanne. In rahoton marar DND ya nuna `DELIVRD`, wato saƙo ya shiga, na mai DND kuma `UNDELIV` ko `REJECTD`, wato bai shiga ba, alama ce aikinku lafiya yake, hanyar da ke ratsa DND ce ba a buɗe muku ba.

Ɗan Auyo: Haka ya nuna. Takarda guda suka ƙara nema, wasiƙar izini mai tambarin ƙungiyar da sa hannun shugaba.

Injiniya: Ka gani? Yaya za ka nemi wasiƙar nan a wurin Alhaji kana ɓoye masa wanda za a kai wa?

Baban Salma: Ni fa ban ga abin imel ba. Mutanenmu waya suke so. Ka kira shi, ko ka same shi bayan la'asar.

Sakatare: Baba, kira ya zama dole, kada ya fara ganin labarin a rubuce. Amma ni sakataren wata ƙungiya ne a Ringim, an taɓa yi mana haka, bayani duk da baki. Da aka zo taron kwamiti kowa da ranar da ya ce ya ji, ni kuma ba takardar da zan ɗaga. Bayan kiran a rubuta.

Injiniya: Da ni ne, ga abin da zan rubuta. "Ranka ya daɗe, manhajar ba za ta fita ranar Litinin ba, muna ba da haƙuri. Rajistar manoma da lissafin buhunan taki sun kammala. Saura lambar shiga da saƙon shaidar biya, dukansu suna jiran amincewar kamfanin da ke tura saƙo. Da zarar sun amince, kwana biyu na aiki sun ishe mu gwaji da saki. Muna roƙon wasiƙar izini kafin Laraba, ga samfurinta a haɗe. Ranar Juma'a zan sanar da kai inda aka kwana, ko sun amsa ko ba su amsa ba." Ka sa ranar da kuka miƙa buƙatar da lambar ƙorafin da suka ba ku. Kada ka ce sun yi sakaci, abin da ya faru kawai.

'Yar Gumel: Yaya, a nan muke rabuwa. "Da zarar sun amince" ba rana ba ce. Rabon taki ba ya jira, shinkafa in lokacin zuba mata ya wuce an yi asara. Alhaji yana buƙatar sanin ko ya koma littafinsa.

Injiniya: Wannan kin yi gaskiya. A ƙara zaɓi: in Juma'a ta zo shiru, a saki manhajar ga ma'aikatan ƙungiya kaɗai, su shiga da kalmar sirri, manomi ya karɓi rasiɗi na takarda. Saƙonnin su biyo baya.

Sakatare: Sai dai shi zai zaɓa. Wasu manoman saƙon wayar ne shaidarsu in aka yi gardamar buhu.

'Yar Gumel: Sunan kamfanin fa? Ni dai "kamfanin da ke tura saƙo" ya isa. Ka faɗi suna, gobe Alhaji ya kira su da faɗa, ya ɓata maka hulɗa.

Sakatare: Wasiƙar izinin ai da sunansu za a rubuta ta, Hajiya. Kuma wani lokaci kiran mai tambarin ya fi na ɗan kwangila saurin motsa su.

Ɗan Auyo: Zan kira shi bayan magariba, imel ya bi da safe. Sunan zan bar shi a cikin samfurin wasiƙar kawai.

'Yar Gumel: To ka roƙe shi kada ya kira su sai ya gaya maka.