Da muguwar rawa gara ƙin tashi: ta dace da wasiƙar Kawu?

Ɗan Kusugu: Jama'a, Kawuna a nan Daura ya sa kuɗin sallamarsa a hannun jari. Ya sayi guda 20,000 a kan naira 30 kowanne, yanzu sun koma 21, ya ce zai sayar duka. Wasiƙa nake rubuta masa, zan buɗe da "da muguwar rawa gara ƙin tashi". Ta dace?

Malam Shargalle: Ba ta dace ba. Wannan maganar wanda bai shiga fili ba ake gaya wa. Kawu ya riga ya tashi, sai ya ɗauka gori kake masa.

Hajiyar Katsina: Malam, ni rawar da na gani ita ce sayarwar. Dubu 600 ya zuba, yau a takarda dubu 420 ne, amma gudansa 20,000 na nan. In kamfanin na raba naira 2 a kowane guda, dubu 40 ke nan a shekara kafin haraji, ko farashi ya hau ko ya sauka. Ranar da ya sayar ne asarar dubu 180 za ta tabbata. A 2020, lokacin korona, ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ta Legas ya gangaro kusa da 21,000, shekara ba ta ƙare ba sai da ya haura 40,000. Wanda ya fita a Maris, yaushe ya samu zuciyar komowa?

Na Mai'adua: Kamar gero ne. Ba a sayarwa da kaka, a jira damina.

Hajiyar Katsina: Ɗan'uwa, gero an san watan tashinsa. Wannan ba ta da wata.

Malam Shargalle: Yawwa, shi nake gudu. A Maris 2008 ma'aunin ya kai 66,000, ya rikito, bai sake taka wurin ba sai 2023. Shekara 15, ga naira ta zube. Waɗanda suka ci bashin banki suka saya, tilas aka sayar musu a ƙasa. Za ka ce wa dattijo ya dafa dutse?

Hajiyar Katsina: Gaskiyarka. Shi ya sa wasiƙar ta fara da tambaya. Kawu, akwai bashi a kai? Kamfaninku kaɗai ya faɗi, ko kowa da kowa? In shi kaɗai ne, kuma ya daina rabon riba, to ruwa ba ya tsami banza, a duba rahotonsa. In duk kasuwa ce, tsoro ne ke yawo. Sannan yaushe kuke bukatar kuɗin?

Ɗan Kusugu: Ba bashi. Amma akwai auren autarsa bayan Sallah, dubu 150.

Hajiyar Katsina: To rubuta masa: "Kawu, ku sayar da kamar guda 7,300, su biya biki da ladan dillali, ku bar sauran." Nan gaba kuɗin da za a taɓa cikin shekara biyu kada ya shiga kasuwa.

Malam Shargalle: Wannan na yarda. Karin maganar dai a cire ta, yaro ba ya kiran shawarar kawunsa muguwar rawa. Kuma har yanzu ba a gaya mana shekarun Kawu ba.