Inuwar da ke ƙarƙashin sarƙa, me za mu kira ta?

Mai Sitidiyo: Jama'a, gobe da safe zan koya wa yarana sa wa hoton amarya sarƙa da 'yan kunne a Photoshop. Siririyar inuwar nan mai duhu, daidai inda sarƙa ta taɓa fata, Turawa na ce mata kwantak shado. Ina neman sunanta da Hausa kafin dare.

Ɗan Fagge: Ai Drop Shadow ce. Ka ce inuwa kawai.

Hajiya Mai Gyaran Hoto: A'a ƙanena, biyu ne. Drop Shadow na ture inuwa gefe guda da tazara ɗaya ko'ina, shi ya sa sarƙa ke fitowa kamar an liƙa sitika. Inda ta kwanta a ƙashin wuya, inuwar siririya ce, mai duhu, manne da ita. Ɗan kunne mai lilo kuwa bai taɓa wuya ba, tasa inuwar tana faɗawa nesa, a dushe. Da hannu nake zana su a leya daban, in ɗebo launi daga inuwar ƙasan haɓa, in sa Multiply. Baƙi zalla yana mayar da fatarmu toka-toka. Ni "inuwar manne" nake cewa.

Malamin Hausa: Hajiya, kina neman Hausa kina cewa leya da sitika? Kuma manne aikin gam ne. "Inuwar gindi" ta fi, kamar ta gindin bishiya.

Mai Sitidiyo: Malam, samari ne ajin. In na ce gindi, darasi ya watse.

Malamin Hausa: Kunyar harshenmu ce ke sa mu ara kullum.

Baƙon Damagaram: Mu nan masu hoto da Faransanci suka koyi aikin, ba mu jira Kano ta raɗa mana suna ba. "Inuwar jingina" fa?

Ɗan Fagge: Ni dai agogo ne ya ƙi ni. Na sa wa wani alhaji, ya fito ƙato, alhali inuwar ta yi kyau.

Hajiya Mai Gyaran Hoto: Wannan awo ne. Faɗin baƙin idon babban mutum kusan milimita 12 ne, fuskar agogon maza kuma wajen 40, wato ido uku da ɗoriya. Amma sai in hannun na kusa da fuska. In ya miƙo shi wajen kyamara, auna da tsintsiyar hannun, kada agogon ya cinye faɗinta. Ka kuma goge maɗaurin inda ya zaga baya.

Malamin Hausa: Jingina ta fi manne, duk da sarƙa kwanciya take, ba ta jingina.

Mai Sitidiyo: To gobe zan ce "inuwar manne" da "inuwar nesa", in ga wadda yaran za su riƙe.

Malamin Hausa: Ta nesa na yarda. Manne kam, a rubuta ban sa hannu ba.