Kwali huɗu sun fashe a hanyar Legas zuwa Zariya, kamfanin ya ce ba ruwansa

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan kicin a kasuwar Sabon Gari. Na sayi farantan tangaran kwali 20 daga Legas, kowane kwali saiti 6, saiti ɗaya ₦14,000, na biya kamfanin ɗaukar kaya ₦60,000. Ranar Talata da yamma yaron shagona ya karɓo su a ofishinsu ya sa hannu a webil. Da muka buɗe da safe, kwali biyu sun dagargaje gaba ɗaya, wasu biyun kuma saiti 5 sun fashe. Manajan ya ce tunda an sa hannu magana ta ƙare, kuma a bayan takardar an rubuta cewa in kaya ya lalace asarar mai shi ce. Ina da hotunan da mai sayar min ya ɗauka lokacin ɗaurin kayan, da webil, da rasit. Don Allah ta ina zan fara?

Ɗan Kwangila:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Gaskiya sa hannun nan ya karya ki. Mu a tasha, da zarar mai kaya ya ɗauke kayansa ya fita ƙofa, direba ya fita hakkinsa. Wa zai tabbatar ba a Keke Napep ɗin da ya kai shago suka fashe ba?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Na daɗe ina akawu a ofishin lodi, irin wannan ƙorafin ta teburina yake bi. Ɗan Kwangila ya faɗi ainihin abin da za su kafa hujja da shi, amma sa hannu bai rufe ƙofa ba. Abin da yake nunawa shi ne an karɓi kwali 20 kuma ba a yi ƙorafi a lokacin ba. Bai nuna an buɗe an ga na ciki lafiya ba. Aikinki yanzu shi ne ki nuna cewa kayan sun shiga hannunsu lafiya, sun fita a lalace, kuma kwalin da kansa ne zai yi miki wannan shaidar.

Saboda haka kada ki yar da komai, ko soso ko gam ko tarkacen farantan. Kada kuma ki sayar da waɗanda suka tsira daga cikin kwalayen huɗun nan tukuna. Ki duba jikin kowane kwali daga waje. In samansa ya lotsa ciki, kusurwoyin sun nannaɗe, nauyi aka ɗora masa, kuma ba nauyin da Keke zai ɗauka ba ne. In akwai zane mai zurfi da ya ratsa gefe, igiyar ɗaure lodi ce aka ja da ƙarfi. Kusurwa ɗaya tak da ta murƙushe, jefo shi aka yi daga saman mota. Duk waɗannan a wuyansu suke. Amma in kwalin sumul yake, ba lotsawa ba yagewa, sai na ciki ne ya fashe kuma in an girgiza ana jin yana wasa, to za su ce ɗaurin ne bai yi ba, kuma da wuya ki kayar da su a nan. Sai ki koma kan wanda ya sayar miki.

Hotunan Legas ɗin kuma ki dube su da idon mai neman kuskure. Hoton faranti a cikin soso bai isa ba in ba a ga alamar da za ta haɗa shi da kwalin da ke gabanki. Ana son a ga sunanki ko lambar da aka rubuta da maka a jikin kwalin, a hoton can da kuma a naki na yanzu. In akwai wanda aka ɗauka a harabar kamfanin, kwalayen a jere a rufe, ya fi sauran duka daraja. Ki ce wa mai sayar miki ya sake turo miki su ta WhatsApp a matsayin Document, domin in an turo hoto kai tsaye ana matse shi, bayanin rana da lokacin da aka ɗauka ya ɓace. Shi ma kada ya goge na wayarsa.

Yau ɗin nan ki rubuta musu takarda. Kar ki tsaya kan kiran waya. Akasarin webil suna da wa'adin kai ƙorafi a baya, cikin ƙananan rubutu, kuma gajere ne, wani na awoyi ma. Ki sa lambar webil, ranar lodi, ranar karɓa, lokacin da kuka buɗe, kwalayen da abin ya shafa, adadin da ya fashe, da kuɗin da kike nema. Ki gayyace su su zo shago su gani da idonsu, ki ba su kwana 7 su amsa. Ki yi kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a naki. In manajan ya ƙi karɓa, ki aika babban ofishinsu ta imel da wasu masu kai saƙo da ke ba da shaidar an karɓa.

Hajiya ta Tudun Wada:
Ni da nawa ya faru, atamfofi ne ruwa ya jiƙa a hanyar Anacha, tamfol ɗin motar ya yage. Ban rubuta komai ba. Shugaban 'yan tasha muka samu, aka zaunar da direba, aka raba asarar biyu, ya biya ni a hankali. Ki nemi babba a cikinsu kawai, ƙanwata, takarda tana ɓata zumunci, kuma gobe ma su za su ɗauko miki kaya.

Baban Walida:
Hajiya, naki direban tasha ne, kun san gidansa, ƙungiya tana iya hana shi lodi. Nata kamfani ne mai rassa. Manajan Zariya ba shi da ikon fitar da ko sisi sai da fayil, fayil kuma da takarda ake buɗe shi. Sulhun ma zai zo, amma sai ta rubuta za su zauna da ita.

Abban Sadiq:
Ki kai su wajen 'yan sanda a riƙe motar har sai sun fito da kayanki. Haka ake yi wa masu karkatar da kaya.

Maman Hanifa:
Malam, ba ɓata suka yi ba, sun iso cif 20, fashewa suka yi. Baban Walida, na gode, Allah ya saka. Na duba, biyun da suka dagargaje samansu ya lotsa sosai, har da tabon baƙin mai a kan ɗaya. Sauran biyun ɗaya yana da zanen igiya, ɗayan kuwa lafiya lau daga waje. Sunana yana jiki a hotunan. Sai dai na ga wani abu da ya tayar min da hankali: a gurbin darajar kaya na webil ɗin an rubuta ₦500,000, alhali na biya ₦1,680,000. Na kira mai sayar min ya ce haka suke yi don kuɗin mota ya yi sauƙi. Kuma sunansa ne a matsayin mai aikowa.

Baban Walida:
Tabon man nan ki ɗauke shi hoto kusa da kuma nesa. Yana nuna an ɗora wani abu irin inji ko jarka a kai, kuma babu shi a hoton Legas. Ki tambaye su a rubuce lambar motar da ta taso da kayan da wadda ta sauke su a Zariya. In ba ɗaya ba ce, an yi juye a hanya, Abuja ko Kaduna, kuma a wajen juye aka fi yin ɓarna.

Ga lissafin yadda zan yi shi. Kwali biyu saiti 12, da 5 na sauran, 17 ke nan. A ₦14,000 ya kama ₦238,000. Kuɗin mota ₦60,000 a kan saiti 120 ya zama ₦500 kowanne, na 17 ɗin ₦8,500. Jimla ₦246,500. Sai ki cire abin da za ki samu in kin sayar da farantan da suka tsira ɗai-ɗai, a ce ₦20,000, saura ₦226,500. Ki cire da kanki kafin su ce ki cire, yana sa su yarda da sauran lissafin. Kada ki sa farashin da kike sayarwa a shago, rasit ɗin saye za su bi.

Wancan ₦500,000 shi ne raunin maganarki na gaske, ya fi sa hannun yaron. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kayan ba, don haka ki sa rai za su ce a kan wannan ma'aunin za su biya, wajen ₦70,000. In suna da inshorar kaya a hanya, masu inshorar ma darajar da aka rubuta za su duba. Ki nemi cikakken kuɗinki daga kamfanin, amma giɓin da zai rage mai sayar miki yana da hannu a ciki, tunda shi ya rage darajar ba da saninki ba. Ki sa ya rubuto musu cewa kayan naki ne kuma ya yarda ki bi hakkin, don kada su ce ba da ke suka yi ciniki ba.

Anti Lauya:
Abban Sadiq, a bar maganar 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma riƙe mota zai iya juyewa a kanta.

Maman Hanifa, rubutun bayan webil ba ya wanke su kai tsaye. Wanda ya karɓi kayan wani don a biya shi, in suka lalace a hannunsa, shi ne zai nuna ba sakacinsa ba ne. Kotu tana duba ko an nuna wa mai aikowa sharaɗin kafin ya biya, da kuma ko kalmominsa sun rufe irin wannan sakacin. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana sharuɗɗan da suka yi zalunci, kuma ana iya kai ƙorafi can. Inda na bambanta da Baban Walida shi ne ₦70,000 ɗin. Asararki ba ta kai ₦500,000 da aka rubuta ba, don haka ana iya cewa wannan adadin iyaka ce ta sama, ba ma'aunin rabawa ba. Ya danganta da yadda aka rubuta sharaɗin, sai na karanta shi. In abin ya kai kotu, hotunan waya suna buƙatar takardar shaida ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, shi ya sa kada wayar da ta ɗauka ta salwanta.

Baban Walida:
Ranki ya daɗe, a kotu wataƙila haka ne. A teburin kamfani ban taɓa ganin sun lissafa ta wannan hanyar ba.

Maman Hanifa:
Na kai takardar da azahar, sakatariyar ta buga hatimi. Manajan ya ce zai turo mutum ranar Asabar ya duba. Kwalin nan da yake lafiya daga waje, saiti 2 ne suka fashe a ciki. In bar shi a lissafin ko in cire shi in bi mai sayar min da shi? Anti, zan turo miki hoton bayan webil ɗin yanzu.