Sabon inji da bashin banki: da ruwan bankin zan auna ko da WACC?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Masana'antarmu ta robobi za ta ƙara inji na miliyan 100, muna sa ran ya kawo miliyan 24 duk shekara bayan haraji, har shekara 7. Banki zai ba mu kuɗin duka a ruwa 15%. Wajen mayar da kuɗin gaba zuwa darajar yau, 15% zan sa ko WACC, wato matsakaicin tsadar bashi da jarin kamfani a haɗe?

Ɗalibar akanta: Wa alaikumus salam. Ai ruwan bashi yana rage haraji. In harajinku 30% ne, 15% ta koma 10.5%. Ita za ka sa.

Tsohon manajan kuɗi: Ƙanwata, lissafin harajinki daidai ne, amma 10.5% tsadar bashi ce kawai. Malam, bankin ba don injin kaɗai ya yarda ba, ya hango dukiyar masu kamfanin a bayansa. In injin ya gaza su za su sha asara, don haka ribar da suke nema ma tana cikin awon.

A ce bashinku miliyan 400 ne, hannun jari a darajar kasuwa 600, masu jarin kuma suna neman 20%:

```
WACC = 0.6 × 20% + 0.4 × 15% × (1 − 0.30) = 16.2%
```

Da 10.5%, kuɗin shekara 7 ɗin sun kai kusan miliyan 115 a yau, sai ka ga riba. Da 16.2% kuwa kusan 96 ne, bai ma mayar da kuɗinsa ba. Kuma kada ka cire ruwan banki daga cikin miliyan 24 ɗin, ya riga ya shiga WACC, in ka cire ka ƙirga shi sau biyu.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe, ba ma kasuwar hannun jari. A littafinmu jarin 300 ne kacal.

Tsohon manajan kuɗi: Nan ake zamewa. Da 300, bashi ya zama kaso 57 cikin ɗari, WACC ta sauko wajen 14.6%, injin ya fito da 'yar riba ta ƙarya. Littafi yana riƙe da tsohon farashin fili da gini. Ka duba masana'antun irinku da ke kasuwa, ka ari rabon bashinsu da beta ɗinsu, wato ma'aunin kasadar hannun jarinsu in an kwatanta da kasuwa.

Mai kamfanin fenti: Mu dai duk sabon aiki muna ɗora maki 3 a kan WACC, hankali kwance.

Ɗalibar akanta: Alhaji, ko da injin irin wanda kuke da shi ne? Na ɗauka sai sabon kaya mai kasada daban ake canza kason.

Mai kamfanin fenti: 'Yata, ban taɓa ganin injin da ya fara aiki a ranar da aka ce ba.

Tsohon manajan kuɗi: Jinkirin nan a rage shi daga kuɗin shekarar farko, ya fi a cusa shi cikin kaso. Malam, miliyan 24 ɗin da farashin yau ka lissafa, ko ka sa hauhawar farashi? Domin 16.2% tana ɗauke da ita.

Mai tambaya: Da farashin yau ne. Bari in sake zama da shi.