Kala-shif: ƙoɗewa za mu ce ko me?

Mai Katin Biki: Jama'a, wace kalmar Hausa za ta maye kala-shif? Kati aka kawo mini mai baƙin bango, aka ce a cire tsohon kwanan wata. Na rufe wurin da baƙi, a allo ko alama babu. Da ya fito daga inji, sai ga facin ya yi toka-toka a tsakiyar baƙi wuluk. Na rasa sunan da zan kira wannan wa mai katin.

Ɗan Fosta: Ƙoɗewa mana. Tawadarsu ce ba ta da kyau.

Hajiya Mai Ɗinki: A'a ɗana. Ƙoɗewa sai abu ya sha rana ko wanki. Wannan tun daga haihuwa ya zo a haka. Mu in an yi wa riga faci da ƙyallen da bai dace ba, cewa muke launi ya saɓa.

Tsohon Maɗaba'a: Hajiya ta fi kusa. Tawada ba ta da laifi, baƙi biyu ne a katin. Danna F8 a Photoshop don ganin lambobin launi, ka ɗora alamar linzami a bangon. In hoton RGB ne, mai launin allo, aka juya zuwa launin bugu da profile ɗin U.S. Web Coated (SWOP) v2, za ka ga C75 M68 Y67 K90, wato tawada huɗu aka jibga. Facinka kuwa na tabbata K100 ne, baƙar tawada kaɗai. Tawada ɗaya ba ta kai huɗu duhu a takarda, allo kuma yakan rufa wa bambancin asiri, balle an ƙure masa haske. Ɗebo launin daga bangon da Eyedropper ka cika facin, ka sake duba lambobin. Su za ka yarda da su, ba idonka ba.

Amma kala-shif na ainihi wani abu ne daban: shuɗi mai ƙyalli ya fito shunayya, don tawada ba ta iya kaiwa inda hasken allo ya kai. Wannan gocewa ce. Ctrl+Y zai nuna maka kusan yadda zai fito, Shift+Ctrl+Y kuma ya shafa toka a wuraren da inji ba zai iya ba.

Ɗan Fosta: To ba sai a yi Assign Profile a huta ba?

Tsohon Maɗaba'a: Kul! Wannan lambobi yake bari, kamanni su canza. Convert to Profile ake so, kuma ka fara tambayar masu bugun wane profile suke aiki da shi.

Malamar Hausa: Gocewar launi ta zauna a kunne, domin abin da ya goce yana da inda aka nufa da shi. Saɓanin launi sai a bar wa faci da bango. Rikiɗa ma na so, amma ta yi ƙarfi, kamar shuɗi ya koma ja.

Mai Katin Biki: Na duba, Baba, K100 ne. Na ɗauki biyun. Saura sunan abin da Ctrl+Y ke yi.

Ɗan Fosta: Leƙen bugu?

Malamar Hausa: Leƙe ya yi kama da gulma. A kawo wata.