Shawarwarin da aka bai wa matar da mijinta ke dukanta

A zaman da muka yi kan wata 'yar'uwa da mijinta ya fasa mata leɓe sau biyu, kowa ya yarda cewa shaida ce farko. Ta je asibiti a ranar da aka dake ta, ta karɓi takardar likita, ta ɗauki hoton raunin, kuma kada ta goge saƙonnin barazanar da ke wayarta.

Wata lauya a cikinmu ta yi bayanin dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya da ta haramta cin zarafin mutane. A Abuja, dokar ta bai wa Babbar Kotu ikon ba da umarnin kariya, wato a hana mijin kusantar inda take zaune ko wurin aikinta, ko aika wani ya tsorata ta. Ana iya ba da na wucin gadi tun kafin a saurari mijin, kuma idan ya karya shi, 'yan sanda na iya kama shi. Sai dai kowace jiha sai ta amince da tata dokar, don haka a fara tambayar lauyoyin FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, abin da ke aiki a jiharta.

Maganar rabuwa ce ta fi ɗaukar lokaci. Wani malami ya ja hankali cewa kada ta yi gaggawar neman hul'i, domin ita za ta mayar da sadaki. A mazhabar Malikiyya, idan ta tabbatar da cutarwa gaban alƙali, yana iya raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Wannan ya tsaya mini a rai, don mata da yawa suna sayar da 'yan kunnensu su fanshi kansu daga wanda ya zalunce su.