Ɗigo ya ɓace a hoton wasiƙar Ajami, a taimaka

Assalamu alaikum malamai. An turo min hoton wasiƙar kakanmu ta Ajami, rubutun warash da tawada, takardar ta ninku har ɗigon wasu haruffa ya goge.

Na gane harafin fa ɗigonsa a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wannan ya wuce min. Inda na maƙale kalma ɗaya ce: haƙori ɗaya ba ɗigo, sai ra, sai alif. "Tara" ce ko "bara"? Maganar buhunan gero ake, duk biyun sun zauna daram a jimlar. Na ƙara girman hoton, sai ya dushe.

Shin a sake ɗauka da haske ta gefe, ko sawun alƙalami zai fito? Ko akwai wata dabarar rarrabewa? Allah ya saka da alheri.